Yadda ake fahimtar layukan ƙarshe na sakamakon hoton ƙirji

A ƙasan takardar sakamakon hoton asibiti akwai sashe mai suna "Impression", inda likitan hoto yake taƙaita abin da ya fahimta. Likitan da ya aiko majinyacin ake rubuta wa, shi ya sa kalmomin suke da tsauri.

Mai tarin mako uku zai iya samun an rubuta: "Right upper lobe cavity, suggestive of tuberculosis. Clinical correlation advised."

Kashin farko yana nufin an ga kogo a saman huhun dama, wurin da tarin fuka ya saba kamawa. Sai dai "suggestive of" zato ne mai ƙarfi, ba tabbaci ba, domin ƙurjin huhu da sankara su ma suna barin kogo. Jimlar ƙarshe kuwa tana neman likita ya gwama hoton da zazzaɓi, rama da gumin dare.

Saboda haka hoton kaɗai bai isa majinyaci ya fara shan magani ba. Gwajin majina na GeneXpert ne zai nemo ƙwayar cutar, ya kuma nuna ko ta bijire wa maganin rifamfisin.