Ƙaramin Bashi Ko Mai Tsadar Ruwa: Wanne Za A Fara Biya?

Wanda ake bi bashi uku ko huɗu a lokaci guda yakan raba ɗan rarar da ke hannunsa, kowa a ba shi kaɗan don a toshe baki. Haka wata zai bi wata ba a rufe ko ɗaya ba. Akwai dabaru biyu na fita daga wannan, kuma tushensu ɗaya ne: kowane wata ka biya kowa mafi ƙarancin abin da kuka yi alkawari, sannan duk abin da ya rage ka zuba shi kan bashi guda. In wannan ya ƙare, kuɗin da kake ba shi su koma kan na gaba. Saɓanin yana wajen wanda za a sa a gaba.

Dabarar farko, wadda Turawa ke kira dunƙulen ƙanƙara, ta ce a fara da mafi ƙanƙanta, ko nawa ne ruwansa. Dave Ramsey, mai shirin rediyo a Amurka, shi ya fi yayata ta. Ta biyu, zaftarewar ƙanƙara, ta ce a fara da wanda kuɗin ruwansa ya fi yawa, komai girmansa.

Mu ɗauki misalin wani tela da zai iya ware naira 50,000 duk wata. Mai shago na bin sa 30,000 ba ruwa, a kan zai riƙa ba da 5,000. Ƙungiyar gama kai na bin sa 60,000 da ruwan kashi 2 cikin ɗari a wata, tana karɓar 10,000. Sai manhajar ba da rance ta waya, 120,000 da ruwan kashi 10 a wata, tana karɓar 15,000. Tilas ɗin ya kama 30,000 ke nan, rararsa 20,000.

Idan ya fara da ƙarami, a wata na biyu ya sallami mai shago, a na uku ya gama da ƙungiya. Da daɗi. Amma dubi abin da ke faruwa a waya: a watan farko an ɗora masa ruwan 12,000, ya biya 15,000, wato 3,000 kacal ya rage daga uwar kuɗin. Sai a wata na shida zai kuɓuta, bayan ya biya ruwan kusan 54,600 gaba ɗaya.

Idan kuwa ya fara da mai tsadar ruwa, 35,000 zai riƙa jefa wa manhajar. Wata huɗu cur zai yi mutum ukun nan duk suna bin sa, kamar ba ya motsi. A wata na biyar sai dukkansu su ƙare tare, ruwan da ya biya kusan 38,800. Ya tsira da wajen 15,800, ya kuma riga gamawa da wata guda.

To, in lissafi ya nuna haka, me ya sa ake yabon ta farkon? Saboda mutum ba na'urar lissafi ba ne. Binciken da David Gal da Blakeley McShane suka wallafa a 2012 ya gano cewa waɗanda ke rufe basussukansu ɗaya bayan ɗaya sun fi kaiwa ƙarshen biya. Wanda ya ga an soke sunansa a littafin mai shago yakan ƙara himma, wanda ya yi wata huɗu bai ga komai ba kuma yana iya sarewa ya ci rarar.

Kafin ka jera basussukanka, bincika yadda ake lissafa ruwan kowanne. Wani a mako yake faɗa, wani a wata, wani a shekara, sai an mai da su ma'auni ɗaya. Wasu masu ba da rancen kuma tun ranar farko suke yanke jimillar da za ka biya, ko ka biya da wuri ba ragi. Irin wannan, gaggawar biyansa ba ta ceto maka ko sisi, lokacinsa kawai za ka kiyaye don gudun tara. Tambayi mai bin ka kai tsaye: in na biya yau, nawa zan bayar?

Akwai kuma abin da lissafin nan bai sani ba. Rancen ɗan'uwa ba shi da ruwa, amma jinkirinsa na iya ɓata zumunci, kuma Musulmin da ya riga ya faɗa bashin ruwa yana da dalilin addini na fara raba kansa da shi.

A ganina, idan ruwan basussukanka kusan ɗaya ne, ko babu shi sam, fara da ƙarami, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma in akwai guda mai cin kashi 10 a wata alhali sauran na cin 2, shi za ka sa a gaba, kuma kada ka ƙara karɓar wani sabo sai ka gama.