Kafin ka huda bango, ka san abin da ke cikinsa

Gidajen da ake ginawa yanzu a Kano da Kaduna da Maraɗi sun daina nuna wayoyinsu a fili. A da mai wayarin kan bi fuskar bango yana kafe waya da ƴan ƙusoshi, kowa na ganin inda ta bi. Yau sai a sassaƙe bulo, a kwantar da fayif na roba mai kaurin milimita 20 ko 25, a zura wayoyi a ciki, a shafe da filasta, a bi da fenti. Mai aikin famfo shi ma haka yake binne nasa bututun. Gida ya yi kyau, amma duk ranar da za a rataye talabijin ko kabad ɗin kicin, wanda ya ɗauki dirila yana huda wurin da bai san cikinsa ba. Sau da yawa tsakanin bakin dirilar da waya mai ɗauke da wuta bolt 230 bai wuce kaurin yatsu biyu ba.

Akwai ƴar na'ura ta hannu da aka yi domin wannan, girmanta kamar wayar salula mai ɗan kauri, tana aiki da batir. Ana goga ta a bango, idan ta zo kan wani abu sai ta yi ƙara, fitilarta ta koma ja. Na'ura ce mai amfani, kuma ina ganin duk mai sana'ar ɗaura kaya a bango ya kamata ya mallake ta. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka tana ganin cikin bango ne, kuma wannan fahimtar ce take jawo ɓarna.

Irin wadda aka fi samu a kasuwa abu biyu take ji a bangon siminti, kowanne ta hanyarsa. Na farko ƙarfe. A cikinta akwai naɗin waya mai fitar da ƙarfin maganaɗisu, idan ƙarfe ya kusanto sai yanayin ya sauya, ita kuma ta sanar. Na biyu wutar lantarki irin ta layin gwamnati da ta janareta, wadda take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Wannan kai da komowar yana barin wani tasiri a kewayen waya, shi na'urar take tsinkaya. Zurfin da take kaiwa ma yana da iyaka. Alal misali Bosch GMS 120, wadda ƙwararru suka sani, kamfaninta ya ce tana jin baƙin ƙarfe har zurfin santimita 12, jan ƙarfe santimita 8, waya mai wuta kuwa santimita 5 kacal. Masu araha galibi ba sa kai hakan.

A nan ne halin ƙasarmu ya shigo. Na'urar tana gane waya a matsayin mai wuta ne kawai idan akwai wuta a cikinta a daidai lokacin. Idan an ɗauke wuta a unguwa, kamar yadda aka saba, ka goga ta a kan waya sai ta yi shiru a wannan ɓangaren. Shirun nan bai nuna babu waya ba. Ko da akwai wuta a gidan, wayar da ta tashi daga makunni zuwa ƙwan fitila ko fanka ba ta ɗauke da wuta muddin makunnin a kashe yake. Haka wayoyin da suka sauko daga farantin sola zuwa batir: wutarsu miƙe take, ba ta kai da komowa, saboda haka na'urar ba ta jin ta, alhali tana da haɗari. Abin da ya rage shi ne ɓangaren ƙarfe ya kama jan ƙarfen da ke cikin wayar, siririyar waya kuwa idan ta yi zurfi tana iya kuɓuce masa.

Bututun ruwa na roba ya fi wannan wuya. Farin PVC da koren PPR da ake haɗawa da zafi, waɗanda suka mamaye gine-ginenmu, ba ƙarfe ba ne, ba kuma wuta a cikinsu, don haka ƙaramar na'ura ba ta san da zamansu ba. Wani lokaci takan kama mahaɗin tagulla da ke bakin famfo ko shawa, shi ke nan. Masu jin bututun roba su ne na'urori masu aiki da rada, kamar jerin D-tect na Bosch, kuma kuɗinsu ya ninka na ƙananan sau da yawa.

Saboda haka aikin yana farawa ne da ido. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda masu aikin lantarki a Najeriya suke koyi da ita, ta ware inda ya kamata waya ta bi idan an binne ta: a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga kowane soket da makunni, da kuma cikin santimita 15 daga saman bango ko daga kusurwar ɗaki. Mai hankali ba ya huda waɗannan layukan sai ya tabbatar. Amma kada a dogara da cewa an bi ƙa'idar. Wanda ya taɓa shiga gini kafin a yi filasta ya ga yadda wasu masu wayarin suke yanke hanya a karkace daga wannan soket zuwa wancan don su rage tsawon fayif.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Za a rataye talabijin a falo, ƙarfen ratayen yana buƙatar huji huɗu, kowanne faɗin milimita 10, zurfin santimita 6. Bangon bulo ne mai inci shida. A ƙasan wurin akwai soket, a bayan bangon kuma banɗaki ne.

Da farko sai a jira wuta ta zo, ko a tada janareta, a kunna duk fitilu da fankokin falon da na banɗakin, a jona wani abu a soket ɗin. Mai aikin ya cire zobe da agogo da safar hannu, ya ajiye wayarsa can gefe. Ya kunna na'urar yadda takardarta ta ce, domin wasu suna so a kunna su nesa da bango su daidaita kansu. Kafin ya yarda da ita sai ya gwada ta a inda ya san akwai waya, wato dab da soket ɗin. Idan ba ta yi ƙara a nan ba, to ko batir ya yi sanyi ko ba ta iya jin wannan bangon, kuma duk abin da za ta nuna a wani wuri ba abin dogaro ba ne.

Ta yi ƙara. Sai ya manna ta a bango sosai, ya ja ta a hankali daga hagu zuwa dama ba tare da ya ɗaga ta ba. Inda ƙarar ta soma ya sa alama da fensir. Ya wuce, ya dawo daga dama, inda ta sake somawa ya sa wata alamar. Abin da ke ciki yana tsakiyar alamomin biyu. Ya maimaita haka a tsayi uku ko huɗu, ya haɗa ɗigogin, sai hanyar wayar ta fito a kan fenti: ta tashi daga soket ta miƙe zuwa silin, ta bi ta daidai inda hujin hagu biyu za su faɗa. Sai a matsar da ƙarfen ratayen zuwa dama, a bar aƙalla santimita 5 tsakanin layin da huji mafi kusa, domin alamar na'ura ba ta cika faɗawa daidai tsakiyar waya ba, kuma fayif ɗin da kansa yana da faɗi.

A sabon wurin ya sake gogawa, a kwance da kuma a tsaye, don waya mai tafiya a kwance ba ta bayyana sosai sai an ratsa ta daga sama zuwa ƙasa. Idan ɓangaren ƙarfe ya yi ƙara mai ƙarfi a layuka biyu da ke kusa da juna, ɓangaren wuta kuma ya yi shiru, mai yiwuwa rodi ne na ginshiƙi ko na linta. Shi ma a kauce masa. Kada kuma a manta cewa a tsofaffin gidaje ana samun waya a cikin fayif na ƙarfe, wanda yake rufe tasirin wutar, na'ura ta nuna ƙarfe kawai.

Wani lokaci na'urar takan yi ta ihu a duk faɗin bango. Yawanci laima ce, ko sabuwar filasta da ba ta bushe ba, ko gidan da wayar ƙasarsa ba ta da kyau. Dafa bangon da ɗaya hannun, kamar taƙi guda daga na'urar, yakan rage wannan ruɗanin har layin gaskiya ya fito. Idan bai ragu ba, to na'urar ba ta da abin faɗa a wannan bangon.

Saura banɗaki, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Bulo mai inci shida kaurinsa santimita 15 ne, cikinsa kuma rami ne. Da zarar dirila ta fasa fuskar farko sai ta zurma, idan hannu ya saki jiki bakinta ya kai fuska ta biyu, inda mai aikin famfo ya binne bututunsa daga ɗaya gefen. Tunda na'urar ba za ta ji roba ba, sai a shiga banɗakin da tef ɗin awo, a auna nisan famfo da shawa da tankin masai daga kusurwa, a dawo falo a zana su. Bututu yakan tafi a miƙe daga waɗannan wuraren, kuma tsakanin famfo da shawa sau da yawa akwai wanda ya bi a kwance. Idan gidan yana da hita, a saki ruwan zafi na ɗan lokaci a shafa tayil da tafin hannu, ɗumin yakan nuna hanyar. Idan ana iya samun wanda ya yi aikin, ko hoton da aka ɗauka kafin filasta, wannan ya fi kowace na'ura.

An gama bincike da wuta a kunne, huda kuwa da wuta a kashe ake yi. A sauke babban makunnin gida, a tabbatar janareta a kashe yake, a kuma kashe inbata, domin ita tana ci gaba da ba soket wuta bayan an sauke layin waje. Wannan ya sa dirila mai batir ta fi dacewa. A naɗa salatif a bakin dirilar a daidai santimita 6 don kada a zarce. A fara a hankali ba tare da kunna duka ba har a wuce filasta, ana kallon ƙurar da ke fitowa. Ƙurar bulo ruwan toka ce mai gari. Idan aka ga ɗan sassaƙen roba fari ko kore yana naɗowa, ko dirila ta ji laushi kamar ta shiga wani abu mai danƙo, a tsaya nan take a haska ramin da tocila.

Idan an riga an taɓa waya, ko da wuta ta ci gaba da aiki lafiya, kada a cusa fisha a ɗaure a wuce. Wayar da aka ɗan yanke ta rage kauri, takan yi zafi a wurin duk lokacin da aka ɗora mata kaya mai jan wuta, wanda aka kware wa rigarta kuma tana iya sa sukurun da ƙarfen ratayen su ɗauki wuta. A bar layin a kashe, mai wayarin ya zo ya zaro wayar daga fayif ya zura sabuwa daga akwati zuwa akwati. Bututun ruwa kuwa, a rufe bawul ɗin da ke gindin tanki, a fasa kewayen wurin, a yanke inda ya huje a saka mahaɗi, sannan a buɗe ruwa a bar shi ya kwana a ga bai tsattsafo ba kafin a mayar da filasta.