Takalmi kafin anko: lissafin ɗalibar Zuba da naira dubu 20

A shekarar ƙarshe ta karatun NCE, Kwalejin Ilimi ta Birnin Tarayya da ke Zuba kan tura ɗalibanta makarantu domin gwajin koyarwa. Daga ranar, sutura ta zama kayan aiki, domin ɗalibar da ta saba shiga lacca da silifa za ta tsaya gaban aji kwana biyar a mako, yara na kiranta Malama.

Idan tana cikin masu karɓar rancen NELFUND, naira dubu 20 ke shigo mata a wata, kuma abinci da kuɗin mota sun riga sutura kama layi. Mahaifin da ke albashin gwamnati ya san cikon daga aljihunsa zai fito. Ana cikin haka sai ga ankon bikin ƙawa.

Lissafin da ke raba gardama shi ne a raba kuɗin kaya da yawan ranakun da za a sa shi. A ce anko da ɗinkinsa ya ci naira dubu 18, aka sa shi ranar biki da wata rana guda: kowace fita ta tashi a dubu 9. Takalmin dubu 15 kuwa, idan ya yi mako 12 na koyarwa, kwana 60 ke nan, naira 250 a rana.

Saboda haka takalmi ne ya fi cancantar kuɗi, amma ba kowanne ba. Wanda aka manne tafinsa da gam kawai ba ya jure taɓon damina da hawa da saukar acaba a tashar Zuba. Daga baki yake fara buɗewa. Mai lura takan lanƙwasa shi ta duba ko akwai ɗinki, in babu ta kai wa shumeka ya zagaye shi da zare tun yana sabo.

Sai atamfa. Turmi yadi shida ne, yana fitar da riga da zane da ɗankwali, kuma biyu masu jure wanki sun fi huɗu masu koɗewa. Mai kyau, cikinta da bayanta kusan launi ɗaya ne. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefenta. In ya ɗauko rini, za ta zuba a wankin farko. Ƙyalli kuwa ba shaida ba ne, sau da yawa sitaci ne da ruwa zai tafi da shi.

Jaka da rigar sanyin hunturu, gwanjo ya wadatar, muddin an gwada zif an duba hammata. Hijabi mai duhu guda biyu ya fi fari, ko don ƙurar hanyar Kaduna.

Ankon ne mai wuya, domin ƙin sa yana taɓa zumunci. Wasu ɗaliban kan saye shi, amma su ce wa tela ya bar ado da duwatsu, ya yi ɗinkin da za a iya shiga aji da shi ranar Litinin.