Raba hanyar sadarwar ofis gida uku

A ofishin da kwamfutocin ma'aikata, wayoyin baƙi da kyamarori ke kan suwic ɗaya, baƙo na iya lalubo na'urar naɗar bidiyo. Maganinsa shi ne VLAN: ma'aikata 10, baƙi 20, kyamarori 30, kowanne da rukunin adireshinsa.

Kafar da aka jona kyamara rukuni ɗaya take ɗauka. Wadda ta nufi rauta kuwa dakon duka ukun take yi, tana liƙa wa kowane saƙo lambar rukuninsa bisa ƙa'idar 802.1Q. A suwic ɗin Cisco:

```
switchport mode trunk
switchport trunk allowed vlan 10,20,30
```

Idan aka manta da 30 a jerin, fitilar kafar za ta kama, amma hoto ba zai iso kwamfutar manaja ba. Dole kuma a kafa doka a rauta da za ta tsayar da baƙi a intanet kawai, domin in babu ita rautar da kanta za ta sake haɗa rukunan.