Gargaɗi ga Masu Neman Tallafin Gidauniyar Tony Elumelu: Ku Tantance Sanarwa Kafin Ku Cike Fom

Jama'a, a yi hattara. Da zarar Janairu ya kama, saƙonni kan cika wayoyi da sunan Gidauniyar Tony Elumelu: hoton attajirin a sama, alƙawarin dala 5,000 a ƙasa, sai kuma wani adireshi da aka ce a latsa "kafin a rufe". Shirin kansa gaskiya ne. Tun 2015 gidauniyar ke horar da masu ƙananan sana'o'i daga ƙasashen Afirka 54, tana ba su jarin da ba a mayarwa. Amma ba kowace sanarwa mai ɗauke da sunan ce ta fito daga gare ta ba. Wasu na 'yan damfara ne, wasu kuma tsofaffi ne da aka sake yaɗawa da ranar da ta riga ta canza. Duk sanarwar da ba ta faɗi wanda ya cancanta ba, da ranar rufewa haɗe da shekara, da matakan nema ɗaya bayan ɗaya, kada ku latsa ta, kada ku tura wa kowa.

Wa ya cancanta?

Ana buƙatar mai nema ya kai shekara 18, ya kasance ɗan wata ƙasar Afirka, kuma a Afirka zai gudanar da kasuwancin. Ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi da ɗan Garwa da ɗan Kano duk ƙofa ɗaya suke bi. Wanda bai fara sana'ar ba tukuna, amma yana da tsararren tunanin abin da zai yi, zai iya nema. Wanda ya fara, a zagayen baya-bayan nan an gindaya cewa kada kasuwancin ya wuce shekara biyar da kafawa. Wanda ya taɓa karɓar jarin ba ya sake nema. Ana cike fom da Turanci ko Faransanci ko Larabci ko harshen Fotugal, saboda haka mutanen Nijar da Chadi da Sudan ba sai sun nemi mai fassara zuwa Turanci ba.

Sanarwar bogi ba ta son sharaɗi, domin sharaɗi yana rage mata ganima. Shi ya sa za ku ga an rubuta "kowa da kowa zai samu". Wannan ƙarya ce. A 2025 sama da mutum 200,000 suka nema, aka zaɓi 3,000, wato kusan uku a cikin kowane ɗari biyu. Wanda ya ce muku yana da hanya a ciki, kuma zai tabbatar muku da gurbi in kun ba shi na goro, kuɗinku yake so.

Ranar rufewa

A nan ne mutanen kirki ke cutar 'yan'uwansu ba da gangan ba. Ana buɗe neman ne ranar 1 ga Janairu. A 2022 da 2023 an rufe ranar 31 ga Maris, amma a 2024 da 2025 an rufe ranar 1 ga Maris. Tsohuwar sanarwa mai cewa "31 ga Maris" ba tare da shekara ba tana nan tana yawo. Wanda ya dogara da ita a 2025, ya ce bari ya kammala shirinsa a tsakiyar Maris, ya tarar an rufe tun makonni biyu da suka wuce. Zuwa 22 ga watan ma an riga an bayyana sunayen waɗanda aka zaɓa. Don haka ku duba ranar bana a shafin gidauniyar da idonku. Kuma kada ku kai daren ƙarshe, lokacin da jama'a ke rububin shafin, ga matsalar sabis da ɗauke wuta. Ku ɗauka ranarku ta rufewa mako guda ce kafin tasu.

Matakan nema

Ƙofa ɗaya ce: tefconnect.com. Shafin gidauniyar kuma shi ne tonyelumelufoundation.org. Ku rubuta adireshin da hannunku harafi bayan harafi, kada ku bi wanda aka turo muku, domin mazambata kan sauya harafi ɗaya ko su ƙara wata kalma a tsakiya.

Na farko, ku yi rajista da adireshin imel naku na kanku, wanda kuke riƙe da kalmar sirrinsa. Na biyu, ku tanadi katin shaida na hukuma, ku rubuta suna da ranar haihuwa daidai da yadda suke a katin. Na uku, ku amsa tambayoyin kasuwancin: me kuke sayarwa, wa ke saya, wace matsala kuke warwarewa, yaya kuɗi ke shigowa. Na huɗu, ku tura fom ɗin, ku riƙa duba imel. Zaɓe ba shi ne ƙarshe ba. Wanda aka zaɓa sai ya yi horon tafiyar da kasuwanci ta intanet, ya gabatar da tsarin kasuwancinsa, a tantance takardunsa, sannan jari ya fito. Daga farko har ƙarshe ba a biyan ko kwabo.

Yadda ake yin kuskure

Mu ɗauki misalin matashiya mai ɗinki a Funtuwa, shekararta 24, shagonta ya yi shekara biyu. Ta cika sharuɗɗa. Ta je shagon intanet, mai shagon ya buɗe mata rajista da imel ɗinsa don ya fi sauri. Ya rubuta "Amina Sani", alhali katinta na ɗan ƙasa "Aminatu Muhammad Sani" ya ce. A gurbin bayanin kasuwanci ya liƙa irin amsar da ya liƙa wa mutum goma kafin ita. Kurakurai uku ke nan: duk saƙon da zai zo, shi zai samu, sunan zai saɓa wa katin a ranar tantancewa, amsar kuma ba ta nuna komai game da shagonta ba.

Da ta rubuta gaskiyarta, da ya fi: keke biyu gare ta, tana ɗinka kayan makaranta, a farkon zango takan mayar da aiki saboda keken ƙafa ba ya cin yawa, tana son keken lantarki da na'urar hasken rana da ɗaukar yara biyu. Ba laifi a nemi taimakon mai shago wajen bugawa, amma imel naku, kalmomi naku, kuma ku karanta kafin a tura.

Bayan mako guda, a ce wani ya kira ta: "Hajiya, barka, sunanki ya fito. Turo naira dubu biyar ta tantancewa, sannan ki karanto min lambar da za ta shigo wayarki." Wannan lambar mabuɗin asusun bankinta ce ko na WhatsApp ɗinta. Ta kashe wayar kawai. Idan kuwa ta riga ta karanto, ta kira bankinta nan take a rufe asusun da katin, kada ta jira wayewar gari.

Ga masu yaɗa sanarwa

Shugabannin ƙungiyoyin matasa, malaman makaranta, masu gabatar da shirye-shiryen rediyo, amana ce a wuyanku. Kafin ku tura, ku tabbatar sanarwar ta ƙunshi sunan shirin da shekarar, sharuɗɗan cancanta, ranar rufewa da kuka gani a shafin gidauniyar, adireshin tefconnect.com a rubuce sarai, da wannan jimla: "Nema kyauta ne, kuma ba kowa ake zaɓa ba." Idan kun riga kun tura wadda babu waɗannan, ku goge ta yau, ku aika gyara zuwa duk inda kuka tura ta.