Ko Kun Sani?

Idan waya ta fassara rubutun da ke cikin hoto, aiki biyu take yi: ta karanta haruffan, sannan ta fassara su. A rubutun Japananci na littattafan labarin zane, tun a matakin karatu ake yawan samun matsala.

A can, rubutu daga sama yake saukowa ƙasa, layukan kuma daga dama suke farawa, kamar yadda mai karanta ajami ke farawa daga dama. Ku ɗauki haruffa 12 da aka jera a layi uku na tsaye, kowanne da haruffa huɗu. Harafin farko yana saman layin dama. Manhajar da ta saba da rubutun boko za ta bi su a kwance daga hagu, sai ta fito da harafi na 9, na 5, sannan na 1. Kowane harafi ta gane shi daidai, amma jimlar ta wargaje. Abin takaicin shi ne Japananci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, kuma haruffa da yawa suna da ma'anar kansu, don haka manhajar fassara kan ƙago jimla mai daɗin karatu daga wannan tarkace.

Shi ya sa manhajar Tesseract, mai ciro rubutu daga hoto, ta ware `jpn_vert` domin rubutun tsaye, ana haɗa shi da `--psm 5`. Kafin ku amince da fassarar, ku duba rubutun da aka ciro: harafinsa na farko ya zama shi ne na saman layin dama.