Yadda ake yi wa mai ba da gudummawa tuni idan gyaransa ya kwana biyu shiru

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje lambobin da aka gina ta da su a fili, kowa na iya karantawa, kowa kuma na iya kawo gyara. Amma ba kai tsaye gyaran yake shiga ba. Mai gyara yakan kwafi aikin, ya yi canjinsa a wani reshe na daban, sannan ya nemi masu kula da aikin su duba su haɗe shi da uwar manhajar. A GitHub, wanda aka kafa a 2008, ana kiran wannan buƙata `pull request`, a GitLab kuma `merge request`. Dukansu a kan Git suka dogara, wato tsarin adana tarihin canje-canje da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005.

Da wuya a karɓi buƙata yadda ta zo. Mai kula yakan karanta ya ce a gyara nan, a ƙara can, ya koma jiran amsa. Wani lokaci amsar ba ta zuwa, mako ya wuce, wata ya wuce. A nan ne ake bukatar tuni: gajeren saƙo da mai kula zai aika wa mai gyaran, wanda galibi ɗan sa-kai ne, ba albashi ake biyansa ba, kuma babu wanda ke da ikon ba shi umarni.

Abin da shiru yake jawowa

Buƙatar da aka bari ba ta zama yadda aka bar ta, domin uwar manhajar ba ta tsayawa. Wasu suna ci gaba da shigar da nasu canje-canjen, kuma idan wani ya taɓa layukan da mai gyaran ya taɓa, Git ba zai iya yanke wanda za a ɗauka ba. Sai allon ya nuna `This branch has conflicts that must be resolved`, ma'ana sai mutum ya zauna ya warware cin-karon da hannu. Aikin minti goma a makon farko yana iya zama aikin yini bayan wata biyu.

Akwai kuma illa ta biyu. Duk wanda ya zo da niyyar magance wannan matsala zai ga akwai buƙata a buɗe, sai ya ja baya don kada ya shiga aikin wani. Ta haka matsalar takan zauna babu mai taɓa ta: mai ita ya tafi, saura kuma suna jin nauyinsa.

A fara tabbatar da wa ake jira

Kafin a rubuta komai, mai kula yakan koma ya karanta tarihin buƙatar daga sama har ƙasa, domin sau da yawa shirun daga ɓangaren masu kula yake. Mai gyaran yana iya kasancewa ya yi tambaya ba a amsa masa ba, ko ya turo gyaran da aka nema amma alamar `Changes requested` tana nan saboda ba a sake dubawa ba. Haka kuma, a ayyuka da yawa na GitHub, gwaje-gwajen da ke gudana da kansu ba sa tashi a kan buƙatar sabon shiga sai wani mai kula ya danna amincewa. Baƙon da bai san da wannan ba zai zauna yana jira, yana zaton an yi watsi da shi. Idan haka ne, abin da ya dace shi ne ban haƙuri da yin aikin da ya rage. Yi wa mutum tuni a kan abin da shi ne yake jira yana cikin abubuwan da suke saurin korar masu gudummawa.

Idan an tabbatar cewa magana ta ƙarshe ta mai kula ce, sai a duba lokaci. Babu ƙa'ida guda da ta hau kan kowane aiki. Mutumin da ke rubuta manhaja da dare ko a ƙarshen mako, shirun kwana huɗu ko biyar ba komai ba ne a wurinsa. Bayan mako biyu zuwa huɗu, tuni ya yi daidai. Idan gyaran ya shafi tsaro, ko ana dab da fitar da sabon zubi, ana iya gaggautawa, amma sai a faɗi dalilin a fili.

Misali daki-daki

A ɗauka akwai wata ƙaramar manhaja ta lissafin kwanan wata, wadda take ɗaukar duk shekarar da ta rabu da 4 a matsayin mai 29 ga Fabrairu. Wannan kuskure ne, domin a kalandar Miladiyya shekarun cikar ƙarni ba sa samun wannan rana sai sun rabu da 400. Shekarar 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Wata mai gudummawa ta lura, ta buɗe buƙata mai lamba 412 a ranar 3 ga Maris. Ranar 6 ga Maris mai kula ya duba, ya ga gyaran daidai ne, ya nemi ta ƙara gwaji na waɗannan shekaru uku. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba har 10 ga Afrilu, mako biyar ke nan, kuma a tsakani wani canji ya shiga fayil ɗin da ta taɓa.

Yawancin manyan ayyuka da Turanci ake musayar irin wannan saƙo, amma gininsa ɗaya ne a kowane harshe. Ana farawa da alamar @ haɗe da sunan da take amfani da shi, domin sanarwa ta isa gare ta, sannan a ce:

"Sannu da ƙoƙari, mun gode da gyaran nan na lissafin Fabrairu. Na gwada shi, yana aiki, kuma muna son shigar da shi. Abu biyu ne suka rage: gwaji na shekarun 1900, 2000 da 2100, da kuma warware cin-karo da ya taso a `calendar.py` bayan wani canji da muka yi. Ko kina da sararin ƙarasawa? Idan akwai inda bayanina bai fito ba, ki tambaya. Idan kuma hidima ta yi yawa, babu komai, ki faɗa mana mu ƙarasa, sunanki yana nan a kan aikin. Za mu fitar da sabon zubi a ƙarshen wata, saboda haka idan ban ji daga gare ki ba zuwa 24 ga Afrilu, zan ɗora a kan reshenki in kammala."

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. Godiyar ta ambaci ainihin abin da aka gyara, wanda ke nuna an karanta aikin. Cewa ana son shigar da shi yana kawar da wani zato da ke yawan sa sababbi yin shiru, wato ɗaukar neman gyara a matsayin ƙi cikin ladabi. Jera abin da ya rage yana hutar da ita daga sake bin doguwar tattaunawa bayan mako biyar, lokacin da ƙila ta manta inda aka kwana.

Tayin janyewa shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Wanda ya yi alkawari ya kasa cikawa yakan ji kunya, kuma kunyar takan ƙara tsawaita shirun. Idan aka nuna masa cewa "ba zan iya ba" amsa ce karɓaɓɓiya, ya fi sauƙin buɗe baki. Ranar da aka sa kuma ba barazana ba ce, tunda an haɗa ta da dalili kuma an faɗi abin da zai biyo baya.

Abin da aka bari a waje ma yana da muhimmanci. Ba a ƙirga mata makonnin da ta yi shiru ba, ba a kuma tambaye ta dalili ba, domin rashin lafiya, jarrabawa ko sauyin wurin aiki ba abubuwa ba ne da dole ta bayyana a bainar jama'a. Saƙo mai kalma biyu irin "ina labari?" ba ya cikin tsarin, saboda yana ɗora nauyi ba tare da ya ba da hanya ba. Idan mai gyaran sabon shiga ne, ana iya haɗa masa da umarnin warware cin-karon:

```
git fetch upstream
git rebase upstream/main
# a gyara cin-karon da hannu a cikin fayil ɗin, sannan:
git add calendar.py
git rebase --continue
git push --force-with-lease
```

Tunin da na'ura ke yi

Manyan ayyuka sukan ɗora wannan aiki a kan manhaja mai aiki da kanta. Kayan aikin `actions/stale` na GitHub, idan ba a canja saitinsa ba, yakan liƙa wa buƙata alama bayan kwana 60 babu motsi, ya rufe ta bayan ƙarin kwana 7. A aikin Kubernetes, ana sa alamar `lifecycle/stale` bayan kwana 90, a mayar da ita `lifecycle/rotten` bayan ƙarin 30, a rufe bayan wasu 30. Wannan yana rage tarin buƙatu, amma na'urar kwanaki kawai take ƙirgawa. Idan ba a saita ta da kyau ba, ba ta bambance buƙatar da mai ita ya bari da wadda masu kula suka ƙi dubawa, sai ta rufe aikin mutumin da ya yi duk abin da aka nema. Ba ta kuma iya faɗin abin da ya rage, wanda shi ne zuciyar tuni.

Idan wa'adi ya cika

Tuni ɗaya ya wadatar, ko biyu idan gyaran babba ne. Bayan haka mai kula yana da hanyoyi uku. Idan mai gyaran ya bar zaɓin `Allow edits by maintainers` a kunne, ana iya jawo reshensa da `gh pr checkout 412`, a ƙara abin da ya rage, a tura kai tsaye, kuma aikinsa na farko yana nan da sunansa. Idan zaɓin a kashe yake, sai a buɗe sabuwar buƙata, a ambaci lambar tsohuwar, a sa layin `Co-authored-by:` da sunansa da adireshin imel ɗinsa a ƙarshen bayanin canjin, domin a lissafa shi cikin marubuta.

Hanya ta uku ita ce rufewa, idan gyaran bai kai a ɗauki nauyinsa ba ko an riga an magance matsalar ta wata hanya. Rufe buƙata ba ya goge ta: lambobin da tattaunawar suna nan, kuma galibi ana iya sake buɗe ta muddin ba a goge reshen ko an sake rubuta tarihinsa bayan rufewar ba. Saƙon rufewa ya kamata ya faɗi wannan, ya faɗi dalili, ya kuma sanar cewa matsalar yanzu a buɗe take ga duk mai son ɗauka. Idan mai gyaran ya dawo ya amsa kafin wa'adin, nauyi ya koma kan mai kula, kuma abin da ake tsammani daga gare shi shi ne ya duba gyaran cikin 'yan kwanaki.